Shekara nawa ake goyon masana'anta kafin a yaye ta?

Akwai wani dattijo da nake zama a shagonsa a Kantin Kwari idan na shiga kasuwa, ƙanin mahaifiyata ne. Kafin ya koma sayar da atamfa ya yi shekara goma sha a wata masaƙa a Bompai, a sashen buga zane. Rannan ana hira sai ya jawo turmi biyu ya shimfiɗa a kan kanta, ya ce in taɓa. Ɗaya tsohon ajiya ne da aka saƙa a nan gida, ya ƙi sayarwa don tarihi. Ɗayan kuwa sabon shigowa ne daga Chaina, amma an buga masa sunan Najeriya a gefe.

Na ce, "Kawu, wannan na gida ai ya fi kauri."

Ya ce, "Ya fi kauri, ya fi riƙe launi, ya kuma fi tsada. Mai haɗa lefe turmi goma yake nema, ba ya tambayar kauri. Da gwamnati ta tsare mana iyaka da gaske, da yanzu masaƙarmu na nan."

Maƙwabcinsa, wani matashi mai zuwa Guwanzu saro kaya, ya sa baki: "Baba, ai an tsare muku. Shekara nawa aka yi ana hana shigo da yadi? Yaron da aka goya shekara talatin bai taka ƙasa ba, sai a duba ƙafarsa."

Ba su sani ba, amma gardamar da suka yi a tsaye a bakin kanta ita ce masana tattalin arziki suke yi tun fiye da shekara 200. Sunanta hujjar rainon jaririyar masana'anta. Ni ina ganin hujjar gaskiya ce, amma sharuɗɗanta suna da tsauri ƙwarai, kuma yawancin waɗanda suke kafa hujja da ita a ƙasar nan rabinta na farko kawai suke karantawa.

Ga yadda take. Idan wata ƙasa ta riga ki fara wata sana'a da shekara hamsin, kayanta za su fi naki araha, ba don ƙasarta ta fi taki albarka ba, sai don hannun ma'aikatanta ya faɗa, injiniyoyinta sun san ciwon kowane inji, tana da masu kawo mata kayan gyara a kusa, kuma tana yin kaya da yawan da zai sa kuɗin kowane guda ya sauko. Sabuwar masana'anta ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba kuma za ta same su ba sai ta yi aikin, ba za ta yi aikin ba sai an sayi kayanta, ba za a sayi kayanta ba muddin na waje ya fi araha. To sai gwamnati ta shiga tsakani, ta ɗora wa na waje haraji a kwastan ko ta taƙaita shigowarsa na wani lokaci, har ta gida ta koyi aiki, kuɗin da take kashewa ya sauko, sannan a buɗe ƙofa su kara. Da rarrafe yaro kan tashi.

Wanda ya fara tsara wannan magana a rubuce shi ne Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, a rahoton da ya miƙa wa majalisa a 1791, lokacin da Amurka ƙasar manoma ce mai sayen kayan Ingila. Bayansa sai Friedrich List, Bajamushe, a 1841, wanda ya zargi Ingila da hawa tsani ta kai sama sannan ta ture tsanin, wato ta yi girma a bayan katanga sannan ta dawo tana yi wa kowa wa'azin a buɗe kasuwa. Zargin yana da makama. A 1700 da 1721 majalisar Ingila ta kafa dokokin da suka hana yadin auduga mai zane na Indiya, wanda a lokacin ya fi nata kyau da araha. Don masu ulu da siliki aka yi dokokin, amma a inuwarsu saƙar auduga ta Ingila ta samu filin tasowa. Mu Kanawa ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da garin yana saƙa da rini yana aika tufafi har Timbuktu da ƙasashen da ke bayan Sahara. Ba iyawa muka rasa ba, inji ne wasu suka riga mu samu.

Abin da ya ba hujjar nauyi shi ne har masanin nan na Ingila John Stuart Mill, wanda ɗan gaba-dai-gaba-dai ne wajen goyon bayan cinikin da ba shinge, ya yarda da ita a 1848. Sai dai ya gindaya sharaɗi: kariyar ta zama ta ɗan lokaci, kuma a ba wa masana'antar da ake da dalili mai ƙarfi na zaton za ta iya tsayawa da ƙafarta bayan an janye. Daga baya wani masani, Charles Bastable, ya ƙara sharaɗi na biyu wanda ya fi na farko ciwo: bai isa a ce ta tsaya da ƙafarta ba, sai ribar da ƙasa za ta ci bayan ta girma ta biya abin da aka kashe wajen rainonta. A nan ne maganar take, domin kariya ba kyauta ba ce. Bashi ne. Mai sayen atamfa ne yake ba mai masaƙa rance ba tare da an tambaye shi ba.

Bari mu buga lissafin da misali. Alkaluman nan nawa ne, na ƙirƙire su don sauƙin fahimta, ba farashin Kwari na yau ba ne. A ce turmin atamfar waje yana isowa Kano a kan naira 10,000. Wani attajiri ya kafa masaƙa a Sharaɗa, a shekarar farko kowane turmi yana cin masa naira 14,000. Babu mai sayen nasa. Sai gwamnati ta ɗora harajin kashi 40 cikin ɗari a kan na waje, shi ma ya koma 14,000. A ce ana sayen turmi miliyan ɗaya a shekara, kuma duk masu saye sun koma na gida. A shekarar farko jama'a sun biya ƙarin naira 4,000 a kowane turmi, wato naira biliyan 4. Wannan kuɗin bai shiga aljihun gwamnati ba tunda ba a shigo da komai ba, bai kuma zama riba ga mai masaƙa ba. Ya tafi ne a yadin da ya lalace, da launin da ya zuba ba daidai ba, da injin da ya tsaya ana jiran wanda ya iya gyara.

Yanzu a ce ana koyon aiki da gaske. Shekara ta biyu turmi ya sauko 13,000, ta uku 12,000, ta huɗu 11,000, ta biyar 10,000, an yi kunnen doki da na waje. Idan gwamnati tana rage harajin daidai da saukowar kuɗin, abin da jama'a suka biya a shekara huɗu shi ne biliyan 4 da 3 da 2 da 1, jimla biliyan 10. Daga shekara ta shida a ce masaƙar ta kai 9,000, ta fi na waje araha da naira 1,000. An cika sharaɗin Mill, yaro ya tashi. Ƙasa tana samun sauƙin biliyan 1 a kowace shekara, kenan a shekara goma an mayar da biliyan 10.

Sai dai duk ɗan kasuwar Kwari ya san kuɗin bana ba ɗaya yake da kuɗin shekara goma masu zuwa ba, domin da an bar shi a hannun masu shi da sun juya shi. A ce juyawar tana kawo kashi 10 cikin ɗari a shekara, wanda a kasuwar nan ba wani abin a zo a gani ba ne. To wancan biliyan 10, kafin ƙarshen shekara ta biyar ya zama kamar biliyan 13 da miliyan 400, kuma abin da zai riƙa haifarwa duk shekara ya haura biliyan 1 da miliyan 300. Masaƙar kuwa biliyan 1 take mayarwa. Har abada ba za ta cim ma bashin ba. Ta ci jarrabawar Mill ta faɗi ta Bastable. Da za ta sauko zuwa 8,000, ta riƙa mayar da biliyan 2 a shekara, da ta biya cikin shekara 12 ko kusa da haka. Bambancin naira 1,000 kacal a turmi shi ne ya raba kariyar da ta yi amfani da wadda ta zama asara. Kuma duk wannan a bisa zaton masu saƙar waje sun tsaya cak suna jiranmu ne a 10,000, alhali su ma kullum saukowa suke yi.

Mai kare hujjar zai ce lissafin nan ya bar abu mafi muhimmanci a waje, kuma yana da gaskiya. Ilimin da aka samu a masaƙa ba a masaƙa yake tsayawa ba. Kawuna yana ba ni labarin abokan aikinsa: wani ya fita ya buɗe wajen walda da gyaran injina a Dakata, wani ya zama mai naɗin wayar injinan lantarki, wani ya koma kamfanin roba ya riƙe musu sashen gyara. Duk a masaƙa suka koya, masaƙar ba ta karɓi ko sisi a kan wannan ba. Wanda ya fara kafa masana'anta shi yake biyan kuɗin gano ko abin zai yiwu a garin, da wace auduga ta dace, da wane ruwa ke ɓata launi. Idan ya faɗi, shi kaɗai ya faɗi. Idan ya yi nasara, gobe mutum biyar sun kafa irin tasa sun ɗauke masa ma'aikata da ƙarin albashi kaɗan. Saboda haka kowa sai ya noƙe yana jiran wani ya fara, ƙarshenta ba wanda ya fara. Wannan shi ne ƙashin bayan hujjar. Amfanin da al'umma take samu ya fi wanda mai jari yake samu, don haka kasuwa ita kaɗai ba za ta samar da masana'antar ba ko da ta cancanta.

Akwai kuma matsalar jari. Wani zai ce, idan har masaƙar za ta yi riba daga shekara ta shida, me ya hana mai ita ya ci bashin banki ya jure asarar shekara huɗu, kamar yadda mai dasa mangwaro yake jira? A ƙasar da bankuna suke ba da bashin shekara goma sha biyar a kan ruwa kaɗan, tambayar tana da ƙarfi. A nan kuwa, inda banki ya fi son ba mai shigo da kaya kuɗi na wata uku ya juya ya dawo, kuma ruwan bashi yakan haura kashi 20 cikin ɗari, babu mai ba ka kuɗin koyon aiki na shekara biyar.

To amma a daidai nan ne wani masani Ba'amurke, Robert Baldwin, ya soki hujjar a 1969, kuma sukar tasa har yau ba ta tsufa ba. Ya ce ko da an yarda da duk waɗannan matsaloli, harajin kwastan ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Idan matsalar ita ce ma'aikaci yana koyon aiki ya gudu, tsadar atamfa ba za ta sa mai masaƙa ya ƙara horar da mutane ba, domin har yanzu za su gudu. Idan matsalar banki ce, a gyara hanyar ba da bashi. Haraji yana ƙara wa mai masaƙa kuɗin shiga ne ko ya koyi aiki ko bai koya ba. Maganin da ya fi dacewa shi ne a tallafa wa abin da ake so kai tsaye: a biya kuɗin horo, a ba da bashi mai dogon zango, a gina abin da masana'antar take buƙata. Amsar da gwamnatocin ƙasashe matalauta suke bayarwa ita ce tallafi kuɗi yake ci daga baitulmali, haraji kuwa kawo kuɗi yake yi. Gaskiya ne. Akwai kuma dalilin da ba a faɗa: tallafi yana fitowa a kasafin kuɗi kowa ya gani ya tambaya, harajin kuwa a ɓoye yake cikin farashi, mai saye ya zagi ɗan kasuwa ya wuce.

Mu koma ga naira 4,000 ɗin nan da ke tsakanin turmin Sharaɗa da na waje, domin a ganina nan ne aka fi yin kuskure a ƙasar nan. Kafin a ce a ba masana'anta kariya, sai a fasa wannan tazarar a ga me ke cikinta. A ce naira 1,000 ce ta rashin ƙwarewa. Naira 2,000 ta man dizal ce da baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi, saboda wutar lantarki ba ta tsayawa. Naira 500 ta audugar da ta zo da datti da zaren buhun leda a ciki, wanda ba ya kama rini, sai ya fito fari-fari a jikin yadi a mayar da shi mai daraja ta biyu. Sauran 500 ta ruwan bashi ce. A cikin huɗun nan, guda ɗaya ce kawai shekaru suke warkarwa. Ma'aikaci zai ƙware, amma janareta ba ya koyon shan mai kaɗan don ya daɗe yana aiki. Idan kashi uku cikin huɗu na tazarar ba na ƙuruciya ba ne, to abin da ake goyo ba jariri ba ne, babba ne da aka ɗaure wa dutse a ƙafa, kuma ko shekara ɗari aka yi ana kare shi, ranar da aka buɗe ƙofa zai faɗi.

Tarihin masaƙunmu ya fi kama da wannan. An buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau da Legas, har saƙa ta zama cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar. Ba daidai ba ne a ce ba su koyi komai ba. Atamfar Najeriya ta yi suna, ana fita da ita ƙasashen maƙwabta. Amma injina da kayan gyara da sinadaran rini daga waje ake sayo su, don haka da aka karya darajar naira a tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, sabunta inji ya zama sai wane da wane. Wuta ta ƙara lalacewa, baƙin mai ya yi wuya. A daidai lokacin Chaina tana kafa masaƙu sababbi fil masu girman da ba mu taɓa gani ba. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, shekara hamsin cif bayan buɗe ta farko a garin. An sha hana shigo da yadi ana ɗagewa, an ware asusun naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da saƙa, a 2019 kuma Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala a hannunsa. Wanda ya zagaya Bompai da Sharaɗa da Challawa ya ga gine-ginen da suka koma ɗakunan ajiyar kaya ya san abin da waɗannan matakai suka iya da abin da ba su iya ba.

Sannan ga abin da littattafan Hamilton da List ba su yi lissafinsa sosai ba, mu kuwa muna kwana muna tashi da shi: fasa-ƙwauri. Matashin nan maƙwabcin kawuna ya fi kowa iya bayaninsa. Haraji ba ya wuce kuɗin zagaye. Idan kaya za su sauka a Kwatano, su hau mota zuwa Maraɗi, su tsallako ta wajen Jibiya ko Maigatari, kuma duk hidimar hanya da abin da ake miƙawa a shingaye ba su wuce naira 1,500 a turmi ba, to ko an rubuta kashi 40 ko kashi 100 a takarda, ko an ce an haramta gaba ɗaya, atamfar waje za ta iso Kwari a 11,500. Masaƙar da take kashe 14,000 ba ta samu kariya ba. Mai saye ya biya ƙarin 1,500. Gwamnati ba ta samu ko kwabo ba, ta ma rasa ɗan harajin da take samu a da. Waɗanda suka ci riba su ne masu hanya da tashar jiragen ruwan ƙasar maƙwabta. Ƙasar da take da iyakar tudu mai tsawon ta Najeriya da Nijar, wadda dangi suke zaune a kowane gefe, harajin kashi 15 da za a iya karɓa ya fi mata na kashi 70 da ba za a iya ba.

Akwai kuma waɗanda ba a jin muryarsu idan ana wannan magana. Yadi kayan gamawa ne a wurin masaƙa, amma ɗanyen kaya ne a wurin tela da mai rini da mai ɗinkin hula da mai surfani. Duk lokacin da aka tsadar da farin yadi don a kare masaƙa guda mai ma'aikata dubu biyu, an tsadar da jarin marinan Ƙofar Mata da dubban telolin da ke cikin lungunan birni, waɗanda kayansu suke tafiya har Nijar da Chadi da Kamaru. Masu masaƙa kaɗan ne, sun san juna, suna da ƙungiya, suna iya zuwa Abuja. Teloli da masu haɗa lefe suna da yawa amma a warwatse suke, abin da ya hau kan kowannensu bai kai ya sa shi hawa mota zuwa majalisa ba. Shi ya sa sanya kariya yake da sauƙi, cire ta kuwa sai an yi da gaske. Ranar yaye tana zuwa sai a ji an ce ma'aikata dubu kaza za su rasa aiki, a ƙara shekara biyar.

Duk da haka ba zan bi masu cewa hujjar tatsuniya ce ba, saboda Koriya ta Kudu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne shekara guda: 1975. A shekarar ce aka fara harhaɗa motar Fijo a Kaduna, a ƙarshenta kuma kamfanin Hyundai na Koriya ya fito da motar farko ta ƙashin kansa mai suna Pony, da injin da ya samo daga Mitsubishi na Japan. Duka biyun a bayan katangar kariya suka taso. Koriya ta toshe kasuwarta ga motocin waje fiye da yadda muka taɓa yi. Amma a 1976 Hyundai ya riga ya fara fitar da motar zuwa ƙasashen waje, a 1986 kuma ya shiga kasuwar Amurka. Haka kamfanin ƙarfe na POSCO da aka kafa a 1968, wanda Bankin Duniya ya ga bai dace da ƙasa irin Koriya ba, ya fara aiki a 1973 ya zama cikin masu yin ƙarfe mafi araha a duniya.

Bambancin ba a tsayin katanga yake ba. Gwamnatin shugaban Koriya na lokacin, Park Chung Hee, tana ba kamfani kasuwar gida da bashi mai sauƙi, amma tana auna shi da abin da ya sayar a waje, kuma shugaban da kansa yake zama taron duba alkaluman fitar da kaya duk wata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hikimar awon nan ita ce ba a iya yi masa coge. Mai masana'anta zai iya shirya wa ma'aikatar gwamnati takardun da ke nuna ya ci gaba, zai iya kai wa jami'i goro, amma ba zai iya tilasta wa baƙo a wata ƙasa ya sayi motarsa ba. Idan baƙo ya saya, to kuɗin ya sauko da gaske. Wanda ya kasa, a janye masa bashi, wani lokaci a miƙa masana'antarsa ga wanda ya iya. Mu a nan mun ba da kasuwa, ba mu nemi komai ba. Indiya ma haka ta yi da motarta Ambassador, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1958 har 2014 kusan da siffa ɗaya, domin shekaru da yawa mai saye ba shi da wani zaɓi. Ya kamata dai a faɗa cewa masana har yanzu suna jayayya a kan nawa ne daga nasarar Koriya ya zo daga kariya, nawa kuma daga ilimin jama'arta da yawan ajiyarsu, kuma a mulkin kama-karya aka yi wannan horon.

A gida, siminti ne misalin da masu goyon bayan kariya suka fi kawowa, kuma ya cancanci a duba shi da adalci. Ƙasar da a 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da simintin waje suka toshe tashar Legas, daga 2002 ta ɗaure lasisin shigo da siminti da sharaɗin mai shi ya kafa masana'anta a gida. An kafa, irin su Obajana a jihar Kogi, har ƙasar ta daina dogaro da na waje ta fara fitarwa. Abin lura shi ne siminti ya dace da kariya ta hanyoyin da atamfa ba ta dace ba. Dutsen da ake yin sa da shi a ƙasarmu yake. Yana da nauyi, ba a ɗora shi a babur a bi ta daji. Manyan masana'antun kuma sun kafa tashoshin wutarsu, ba su jira ta gwamnati ba. Kuma an nemi wani abu a madadin lasisin. Sharaɗin Mill kam ana iya cewa an cika. Na Bastable ne ake gardama a kai, domin kamfanoni ƙalilan ne suke riƙe da kasuwar, kuma bashin da mai gini ya bayar ba a mayar masa sai ranar da farashin buhu ya sauko saboda gasa. Duk wanda yake gini a Ɗorayi ko Rijiyar Zaki yana da ra'ayinsa a kan ko ranar ta zo.

Da na kawo wa kawu wannan lissafin na fasa tazara gida huɗu, bai musa ba. Ya ce a shekarunsa na ƙarshe a masaƙa sukan yi sati ana biyansu albashi suna zaune a gindin bishiya saboda babu baƙin mai, kuma injin da yake aiki a kai ya girme shi a aikin. Na tambaye shi, da aka hana shigo da yadi, an taɓa zuwa daga gwamnati an tambaye su nawa turmi yake cin su bana, nawa ya ci bara?

Ya yi dariya ya ce, "Wa zai tambaya? Sai dai idan minista zai zo a share harabar, a kunna duk injinan har da waɗanda ba zare a kansu."

Ya naɗe turmin gidan ya mayar da shi can ƙasan kanta, ya bar na Chaina a sama, domin wata hajiya ta tsaya tana tambayar nawa ne idan za ta ɗauki shida.